Wata uku da sabuwar talabijin: yadda na dawo da hoto kan siffarsa

Wata uku ke nan da na sayi talabijin mai shiga intanet, inci 43, na kafa ta a falo. Launinta da haskenta ba ni da ƙorafi a kansu. Abin da ya ci mini lokaci shi ne girman hoto, wato yadda take shimfiɗa abin da aka ba ta a kan allo, kuma a kansa zan yi wannan sharhi, domin na lura gidaje da yawa da nake shiga ana kallon hoto a karkace, an saba da shi har an daina gani.

Hajiyarmu ce ta fara ganowa. Akwai tsohon bidiyon walimar saukar Alƙur'ani na ƙanina, wanda aka ɗauka tun zamanin kaset, daga baya muka sa aka juye mana shi a filas. Marigayi mahaifinmu yana ciki, yana zaune a kan darduma yana gaisawa da baƙi. Ranar da na kunna mata a sabuwar talabijin, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, can ta ce: “Kai, wannan ba fuskar Malam ba ce. Yaushe ya yi wannan ƙiba?” Na duba da kyau, na ga gaskiyarta. Fuskarsa ta yi faɗi, hularsa ta baje kamar faifai, farantin da ke gabansa ya koma siffar ƙwai. Abin ya taɓa ni, don wannan bidiyon ne kaɗai muke da shi da yake motsi yana magana a ciki.

Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Tsofaffin talabijin masu ƙaton baya, da kyamarorin wancan lokaci, hotonsu 4:3 ne: in faɗi ya kai huɗu, tsayi uku ne. Na yanzu 16:9 ne, sun fi faɗi sosai. Allon inci 43 faɗinsa kusan santimita 95 ne, tsayinsa kusan 53 da rabi. In aka ɗora hoton 4:3 a kansa ba tare da an taɓa shi ba, zai cika tsayin, amma faɗinsa zai tsaya a wajen santimita 71. Saura santimita 24, sai a raba su biyu, baƙi 12 a dama, baƙi 12 a hagu. Wannan baƙin ne mutane ba sa so, suna ganin kamar sun biya kuɗin allo ana barin wani ɓangarensa a banza. Don haka talabijin ke zuwa da hanyoyin cike gurbin, kuma kowace hanya akwai abin da take ɓatawa.

Tawa na same ta a kan 16:9. Wannan zaɓin daidai yake ga tashoshi da finafinan da aka yi su da faɗi tun asali, amma in ya samu hoton 4:3 sai ya ja shi gefe da gefe har ya cika allo. Daga 71 zuwa 95, ƙarin kashi ɗaya cikin uku ke nan a faɗi, alhali tsayi yana nan yadda yake. Ƙibar da Hajiya ta gani ke nan. Da na shiga saitin hoto na mayar da shi kan 4:3, baƙi ya fito a gefe biyu, fuskar Baba ta dawo siririya kamar yadda muka san shi. Hajiya ta ce: “Yauwa, ga shi nan.” Ba ta ko tambayi baƙin da ke gefe ba.

Kafin in kai ga haka na gwada Zoom, kuma shi ne ya fi yaudara, domin mutane suna fitowa da siffarsu daidai, allo kuma ya cika. Abin da yake yi shi ne ya ƙara girman hoton gaba ɗaya, faɗi da tsayi tare, har faɗin ya kai bakin allo. To tsayin fa? Ya zama santimita 71 a allon da bai wuce 53 da rabi ba. Kwata na hoton ya tafi, rabi ta sama, rabi ta ƙasa. A bidiyonmu, duk wanda ya miƙe tsaye sai a yanke masa hula, yaran da ke zaune a gaba kuma sai kawunansu kawai ake gani. Ga shi hoton kaset dama ba kaifi gare shi ba, da aka ƙara masa girma sai ya ƙara dusashewa. Wuri ɗaya na ga amfanin Zoom: in hoto ya zo ƙarami a tsakiya, baƙi ya kewaye shi ta kowane gefe huɗu. Wannan na faruwa in an cusa hoto mai faɗi cikin 4:3 sannan aka aiko shi haka. A nan abin da za a yanke baƙi ne, ba a rasa komai.

Na ɗauka na gama, sai wata matsalar ta ɓullo ranar da na jona laftof da wayar HDMI don in nuna wa ɗalibaina wani aiki. Layin da ke ƙasan allon kwamfuta, inda agogo yake, rabinsa ya nutse. Alamar rufe shafi da ke kusurwar sama ta dama ta kusa ɓacewa. Da na koma kan dikoda na lura ashe can ma haka ne: rubutun labarai da ke gudu a ƙasa yana manne da bakin allo, tambarin tasha kuma kamar zai faɗo waje.

Wannan gado ne daga tsohuwar talabijin. A wancan zamani bakin hoto ba ya fita tsaf, kuma kowace talabijin da inda nata hoton yake tsayawa, shi ya sa ake ƙara masa girma kaɗan don gefensa ya ɓuya a bayan firam. Tashoshi sun san da haka, sai suke nisanta muhimman abubuwa daga baki. Talabijin na yanzu ba ta buƙatar wannan dabara, amma da yawa har yau suna yin ta, suna yanke kimanin kashi biyu zuwa uku cikin ɗari ta kowane gefe. A allona wajen santimita biyu ne da ɗoriya a dama, haka a hagu. Kwamfuta kuwa ba ruwanta da wannan al'ada, har bakin ƙarshe take zuba abubuwanta.

Maganinsa zaɓi ɗaya ne mai suna daban-daban. A talabijin ɗin LG ana kiransa Just Scan, a na Samsung Fit to Screen, a na Sony kuma Full Pixel. Aikinsu ɗaya: su hana yankan baki, a nuna hoton duka kamar yadda ya zo. Sunan Fit to Screen yana ruɗar mutane, suna zaton shi ne zai ja hoto ya cika allo, alhali ba ya ja, ba ya ƙara girma. Da na kunna shi a tawa, agogon kwamfuta ya dawo, kuma na sami wata riba da ban zata ba, rubutu ya ƙara kaifi. Dalili kuwa, hoton 1080p ɗigo 1920 ne a faɗi, 1080 a tsayi, allona ma haka yake. In ba a yanka ba, kowane ɗigon hoto yana sauka a kan ɗigon allo guda. In an yanke baki aka buɗa sauran, dole talabijin ta ƙirƙiro abin da za ta cike tsakani, sai ƙananan haruffa su yi laushi. A kallon ƙwallo ba lalle ka lura ba, amma a rubutu nan take ido yake gani.

A nan ne nake da ƙorafi na gaske a kan wannan talabijin. Zaɓin yana ɓoye can ciki, sai ka bi saitin hoto, ka shiga girman hoto, sannan ka same shi a ƙasa, kuma ɗan littafin da ya zo a kwali bai yi bayaninsa ba. Sannan kowace mashiga da nata saitin: na gyara a HDMI 1 inda dikoda take, na koma HDMI 2 na tarar sai na sake. Wani lokaci kuma zaɓin yakan yi toka-toka, ya ƙi dannuwa, ba tare da ta gaya maka dalili ba. Da gwaji na gane lokutan. In na jona tsohuwar na'urar faifai da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ya dannuwa, don hoton da ke biyo ta ƙaramin hoto ne irin na da. In kuma ina cikin manhajar YouTube, nan ma a kulle yake, saboda manhajar ce da kanta take tsara girman hotonta. Layi ɗaya na bayani a kan allo da ya raba ni da wannan wahala.

Shi ma Just Scan yana da nasa cikas. A wata tasha da ke sako tsofaffin shirye-shirye, na ga wani siririn layi yana ƙyalƙyali a can saman allo. Ba lalacewa ba ce, dattin bakin hoto ne da a da ake ɓoyewa, yanzu ya fito fili. Ni na haƙura da shi, wanda ya dame shi sai ya kashe zaɓin in zai kalli irin wannan tasha.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne dikoda ma tana da nata saitin siffar hoto. Tamu tun zamanin tsohuwar talabijin aka bar ta a kan 4:3, don haka takan sa wa hoto mai faɗi baƙi sama da ƙasa kafin ta aiko, sabuwar talabijin kuma ta ja shi gefe. Sakamakon shi ne ga baƙi sama da ƙasa, ga 'yan wasa gajeru masu faɗi. Duk abin da na taɓa a rimot ɗin talabijin bai gyara ba, sai da na ɗauki rimot ɗin dikoda na gaya mata allona 16:9 ne, na kuma ɗaga ƙarfin hoton da take fitarwa zuwa 1080. Wanda zai gyara tasa, daga dikoda ya kamata ya fara, sannan ya zo kan talabijin.

Yadda nake gane ko hoto ya karkace yanzu, abu mai da'ira nake nema: agogon bango, tayar mota da aka ɗauka daga gefe, ko ƙwallo in an nuna ta kusa. In ta baje gefe, an ja hoton 4:3. In ta yi tsawo, mutane suka zama sirara kamar kara, to an matse hoto mai faɗi cikin 4:3, wanda yakan faru in na manta ban mayar da saitin ba bayan an kalli tsohon bidiyo. Da'irar tsakiyar filin ƙwallo ba ta yin wannan gwaji, tunda daga gefe kyamara take ɗaukarta. Baƙin da ke fitowa sama da ƙasa a manyan finafinan silima kuwa, wajen santimita 7 kowanne a allona, haka aka yi su, sun fi 16:9 faɗi, kuma ba na taɓa su.

Yanzu dikoda tana kan 16:9, mashigai biyun HDMI an hana su yankan baki, filas ɗin walima kuma in za a kunna shi ana mayarwa 4:3. Na rubuta matakan a 'yar takarda na liƙa a bayan rimot saboda ƙannena, don Hajiya takan nemi a sa mata bidiyon ranar Juma'a, lokacin da ba na gida.