Sharhi: mai buga takardun da ta sake rubuta min ƙorafin banki

Naira 1,500 na biya a wani shagon buga takardu a unguwarmu a Kano domin a sake rubuta min saƙon da zan kai banki, kuma a ganina kuɗin sun yi aikinsu, duk da akwai abin da bai yi min ba.

An cire min kuɗi sau uku ta katina cikin daren Lahadi, 9 ga Maris 2025: naira 25,000 da ƙarfe 1:12, wata 25,000 da 1:14, sai 18,500 da 1:19. Jimla 68,500. Sai da na tashi sahur na ga alat, nan take na toshe katin ta lambar USSD. Saƙona na farko layi biyu ne: an cire min kuɗi, a taimaka a dawo min da su. Amsar banki ita ce na jira kwana uku.

Matar da ke shagon, wadda kowa ke kira Anti, tana karanta amsar ta ce: “Alhaji, sun ɗauka ciniki ka yi bai tafi ba.” Nan ne amfaninta ya fara bayyana. Cinikin da ya maƙale daban, cirewa ba da izini ba daban. Na farkon, dokar da CBN ya fitar a 2020 ta ce a warware shi cikin awa 72 idan ta POS ne ko ta intanet, shi ya sa aka ce na jira. Na biyun kuwa zamba ce, sashen bincike ake tura shi, kuma sai saƙon ya faɗa ƙarara. Saboda haka jimlar farko ta sabon saƙon ta ce ban yi waɗannan cinikayya ba, ban ba kowa izini ba, katin yana hannuna, kuma ban ba kowa PIN ko OTP ba. Kafin ta rubuta wannan sai da ta tambaye ni har sau biyu ko gaskiya ne, domin banki na iya duba ko an tura OTP zuwa layina.

Ta ƙi yarda mu dogara da alat kaɗai, ta sa na ciro sitatimen. Dalilin ya fito fili: alat ya nuna 9 ga wata, sitatimen kuma 10, tunda Litinin aka shigar da su. Ta rubuta ranakun biyu a kan kowace cirewa, kowacce a layinta, da lokaci, da adadi, da sunan kamfanin da ya karɓi kuɗin daidai yadda ya fito a sitatimen, da RRN ɗinta, wato lambar shaidar cinikin kati, mai lamba 12. Biyun farko adadinsu ɗaya ne, idan ba RRN, ma'aikaci zai iya ɗauka abu ɗaya aka maimaita ya mayar da guda kawai. Ta ce da tiransifa ce aka yi, Session ID, wato lambar shaidar tiransifa, mai lamba 30 za mu saka. Lambar asusu ta rubuta duk goman, amma ta kati shida na farko da huɗun ƙarshe kawai. CVV kuwa, wato lambobi ukun da ke bayan kati, ko tambaya ba ta yi ba.

Buƙatun guda uku ta jera: a mayar da naira 68,500 cikin asusun, a ba ni lambar bibiyar ƙorafi, a ba ni sakamakon bincike a rubuce. Ta ƙara da cewa idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, zan kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN, wanda ba ya sauraron mutum sai ya fara kai kukansa bankinsa. Da Turanci ta rubuta, ta fassara min layi-layi. Ta buga kwafi biyu, ta ce lallai a buga min hatimi da kwanan wata a kan ɗaya na riƙe.

Abin da bai yi min ba shi ne rashin sirri. Fuskar kwamfutar tana kallon bencin masu jiran fotokwafi, duk mai ido yana ganin lambar asusuna da abin da ya rage a ciki. Fayil ɗin ma sai da na ce ta goge kafin ta goge. Sannan gaisuwar da ta buɗe saƙon da ita ta yi tsawo, na sa ta rage.

An mayar da dubu hamsin kafin wa'adin ya cika. Ta 18,500 an ce ana jiran amsar kamfanin da ya karɓi kuɗin, na kuma aika wa CBN kwafin mai hatimi tare da lambar bibiyar. Wanda zai je irin wannan shago ya tafi da sitatimen a buge, ya kuma riƙe wayarsa a hannunsa.