Zanen tseren fim: a tsaya gefe ɗaya ko a tsallaka layi?

"Salamu alaikum. Na zana tsarin fim, akwati 12, ɗan sanda na bin ɓarawon waya a lungu. Wanda na nuna wa ya ce kamar karo za su yi. In bar kyamara gefe ɗaya ne, ko ana iya sauyawa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun ana yi, amma sai ka fara zana taswirar lungun daga sama, ka ja layi a kan hanyar da suke gudu. Wannan layin shi ne tushen dokar digiri 180, wato kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin.

Idan ka zaɓi tsayawa gefe ɗaya, kowace ɗauka daga ɓangare guda na layin take. Ɓarawo ya nufi dama, to ɗan sanda ma dama zai nufa, ko da ba sa cikin akwati ɗaya. Wanda ya fita ta gefen dama a akwati na 3, ta hagu zai shigo a na 4. Ka bar wa kowannensu fili a gabansa. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar fuska kusa: in ɓarawo ya waiwayo, idonsa na kallon hagu amma kafaɗarsa da jikinsa na nan a dama, shi kuwa ɗan sanda dama zai ci gaba da kallo. Da zarar ka juya jikin ɗayansu hagu, mai kallo zai ɗauka gaba da gaba suke. Ina kyautata zaton nan naka ya samu matsala. Illar wannan hanya ɗaya ce, in tseren ya yi tsawo sai ya gundiri ido.

Tsallaka layi kuma yana kawo sauyi, amma sai ka kashe masa akwati guda na tsakani. Misali a na 6, ɓarawo ya taho kai tsaye yana fuskantar kyamara, ba hagu ba dama. Daga na 7 kana iya mayar da shi hagu, da sharaɗin ɗan sanda ya koma hagun shi ma. Ko kuma ka nuna shan kwanar gaba ɗaya a cikin akwati ɗaya, mai kallo ya ga juyawar da idonsa. In ka manta ɗan sanda a tsohon gefen, edita ba shi da abin haɗawa.

A akwati 12, ni dai na fi son hanyar farko. Ka ajiye juyin sai inda labari ya buƙace shi, kamar lungu ya toshe, ɓarawo ya dawo hagu ɗan sanda na nan a dama, a nan karon da gangan ne.

Ka sa jar kibiya ga ɓarawo, shuɗiya ga ɗan sanda a ƙasan kowane akwati, sannan ka rufe zanen ka bi kibiyoyin kaɗai. Duk inda ɗaya ta juya ba akwatin tsakani ko kwana, gyara shi.