Ƙirga kibiyoyi ko bi da lamba: wanne ya fi kama kuskure a fulocat?

"Salam 'yan uwa, malaminmu ya dawo min da fulocat ɗina na cirar kuɗi a ATM wai akwai kuskure har uku, ni kuma na duba na duba ban ga komai ba. Wani ya ce in ƙirga kibiyoyi, wani ya ce in saka lambobi in bi. Wanne ya fi?"

Wa alaikumussalam ɗan uwa. Na ga hoton fulocat ɗin da ka turo, wato zanen matakan aikin da akwatuna da kibiyoyi, kuma malam bai zalunce ka ba, ukun suna nan, sai dai kowace hanya da irin kifin da take kamawa.

Ƙirga kibiyoyi aikin ido ne, ba ruwanka da abin da aka rubuta cikin akwatunan. Kowane akwati kibiya ɗaya ce za ta fita daga cikinsa, dayamon wato wajen tambaya biyu, Eh da A'a, akwatin Tsaya ne kaɗai ba abin da ke fita. Minti biyu ka gama. Duba akwatinka na "toshe kati", kibiya ta shiga amma ba wadda ta fita, lungu ne da ba ya ɓullewa, an toshe katin sannan me? Ja shi zuwa Tsaya. Sai dayamon ɗin `kudi > adadi` mai duba ko kuɗin asusu sun fi adadin da aka nema, Eh kawai ka zana, to wanda ke da 2,000 ya nemi 10,000 fa, a tsaye zai kwana gaban na'ura? Biyu kenan, ba mu taɓa lissafi ba.

Na ukun kuwa ko kwana ka yi kana ƙirga ba za ka gan shi ba, don kibiyoyin wajen sun cika cif, inda ɗaya ta sauka ne matsalar. Nan ne bi da lamba yake da rana. Ka ɗauki biro ka zama kai ne na'urar, ka ja tebur, duk akwatin da ka taka ka rubuta abin da ya canza, kuma kar ka bi abin da kake nufi a ranka, bi abin da ka zana (wallahi nan muke faɗuwa, ido yana gyara wa mutum kuskurensa bai sani ba). Mu ce mutum yana ta saka fin ɗin da ba daidai ba, `gwaji` kuma shi ke ƙirga sau nawa ya yi kuskure:

```
zagaye  gwaji  gwaji+1  gwaji<3
1       0      1        Eh
2       0      1        Eh
3       0      1        Eh
```

Ka gani? Kibiyarka ta Eh daga dayamon ɗin `gwaji < 3` ta koma saman `gwaji = 0` maimakon ƙasansa, saboda haka duk zagaye sai a share ƙirgen a faro daga sifili, ba ranar da zai kai 3, ɓarawo zai yi ta gwada fin har gari ya waye. Alamar ita ce layin tebur ya maimaita kansa sak: ka dawo akwati ɗaya da lambobi iri ɗaya, to in aka ci gaba da ba shi amsa iri ɗaya ba fita. Gyaran bai fi ka sauko da kan kibiyar zuwa "karɓi fin" ba, sai ka ga 1, 2, 3, a na ukun `3 < 3` ya ba da A'a a toshe kati.

Amma ita ma wannan hanyar tana da makanta, hanyar da ka taka kawai take gani. Da fin daidai ka gwada da isassun kuɗi, sumul za ka wuce har Tsaya ka ce lafiya lau, ina jin ma abin da ka yi kenan. Dabarar ita ce ka ƙirga dayamon masu Eh da A'a ka ƙara ɗaya, ma'aunin da Thomas McCabe ya fitar ne a 1976, naka uku ne don haka gwaji huɗu: komai daidai, kuɗi ba su isa ba, kuskure sau ɗaya sannan daidai, da kuskure har a toshe.

Ni dai da ido nake farawa don ba shi da wahala, kuma ba amfanin bin zanen da wata kibiyar ma babu ita, sannan in zauna da tebur. In a jarrabawa ne lokaci ya ƙure, teburin zan yi wa lup ɗin kawai, wato wajen da ake zagaye.

Af, ga na huɗu da malam bai ƙirga ba. Gwada mai 5,000 cif yana son cire 5,000, `5000 > 5000` A'a ne, za a hana mutum kuɗinsa. Mayar da shi `kudi >= adadi` kafin ka kai masa.