Taimin bel ko taimin cen: wanne ya fi a motar hannu?

"Jama'a, zan sayi Honda Accord 2004 ta hannu. Akwai mai silinda 4, akwai mai 6. An ce ɗaya cen ce, ɗaya bel. Wacce zan ɗauka?"

Malam, gaskiya aka faɗa maka. Mai silinda 4, injin K24, cen gare ta, wato sarƙa. Mai 6 kuwa bel. Aikinsu ɗaya, su daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. Yadda suke mutuwa ne ya bambanta.

Bel roba ne, shekaru ma suna cin sa ko motar na ajiye. A irin wannan injin, wajen mil 105,000 ko shekara 7 ake canza shi, duk wanda ya riga zuwa. Matsalarsa ba ya sallama: yau lafiya lau, gobe ya tsinke kana cikin tafiya, fistin ya doki bawul ya lanƙwashe su, sai an sauke kan injin. Leƙa shi da ido ba zai gaya maka shekarunsa ba, rasit ne zai faɗa. A rasit ɗin ka duba kwanan wata da lambar mita, ka ga ko an haɗa da tanshina mai matse bel ɗin da kuma famfon ruwa, domin bel ɗin ne ke juya famfon, idan ya cije zai tafi da sabon bel. A ce mita tana nuna mil 130,000 kuma babu takarda: ɗauka ba a taɓa canzawa ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi, ka kai ta wurin makaniki tun kafin doguwar tafiya.

Cen ba shi da wa'adin canji, shi ya sa wasu ke cewa ba ya lalacewa. Yana lalacewa mana! Baƙin mai ne abincinsa, tanshinarsa ma da ƙarfin mai take matse shi. Idan mai motar yana jinkirin juye ko yana bari mai ya yi ƙasa, sarƙar za ta saki, robobin da take bi su cinye. To a nan takardun juyen mai za ka nema, ka ga ko suna bin juna ba tare da dogon giɓi ba. Shi dai cen yakan yi gargaɗi. Je ka da sassafe, kada a tayar da motar kafin ka iso, ka saurari ƙarar kwaram-kwaram daga gefen da sarƙar take a daƙiƙun farko. Buɗe murfin mai, idan ka ga baƙar dauɗa ta daskare, ja da baya. A sa na'urar gwajin mota kuma, a duba lambobin matsala irin su P0341, wadda kan nuna taimin ya goce.

Ni da takardun juye cikakku, mai silinda 4 zan ɗauka. Idan duka biyun babu takarda, na fi yarda da mai bel, domin canji ɗaya ya share shakkarta, amma injin da aka hana wa mai, ba sarƙa kaɗai ta ji jiki ba.