Tambayar Update da Excel ke yi a kan fayil ɗin imel: a kula kafin a danna

Abin da ya fi ci mini rai game da wannan akwatin tambaya shi ne yana neman ka yanke hukunci kafin ya nuna maka abin da za ka yanke hukunci a kai. Ka sauke fayil daga imel, ka danna Enable Editing, sai Excel ya ce fayil ɗin na ɗauke da haɗi zuwa wasu wurare na waje da ƙila ba su da aminci, ka zaɓi Update ko Don't Update. Wani lokaci kuma layi ne ruwan ɗorawa a sama mai maɓallin Enable Content. Wane fayil ne na wajen? A ina yake? Gurbi nawa zai taɓa? Shiru. Mutum kuwa in ya ga Update, zuciyarsa sabon lissafi take kawo masa, sai ya danna.

Ga yadda abin ya kasance da wani lissafin siminti da aka aiko daga wani shagon kayan gini. Buhu 400 ne, a kan naira 9,500 kowanne, jimla 3,800,000. Gurbin farashin ba lamba aka buga a ciki ba, fomula ce ke ɗauko shi daga wani fayil mai suna Farashi.xlsx:

```
=VLOOKUP(A5,'C:\Users\Shago\Documents\[Farashi.xlsx]Kaya'!$A$2:$D$300,4,FALSE)
```

Aka ajiye lissafin a Downloads, aka buɗe, aka danna Update. Babu kuskuren da ya bayyana, babu gargaɗi. Amma farashin buhu ya koma 8,200, jimla ta zama 3,280,000. Naira 520,000 ta zame daga takardar ba tare da ko gurbi ɗaya ya canza launi ba.

Dalilin shi ne wurin mai aikowa fayilolin biyu a folda ɗaya suke. In haka ne, Excel ba ya riƙe cikakkiyar hanyar da kake gani a fomula, sunan fayil ɗin yake riƙewa, sai ya neme shi a duk foldar da lissafin ya sauka. A Downloads kuwa akwai wani tsohon Farashi.xlsx da aka aiko tun watannin baya. Sabon da aka sauke daga baya ya sami sunan Farashi (1).xlsx, don haka Excel bai ko kalle shi ba, tsohon ya kama. Wallahi gara haɗin ya tsinke gaba ɗaya, don a nan ko ba komai Excel zai faɗa maka bai iya sabunta wasu haɗe-haɗen ba, ya ba ka Continue ko Edit Links. Haɗin da ya kama fayil ɗin da ba shi ba ne mugun, domin komai yana kama da daidai.

A gaskiya akwai inda zan yaba masa. Excel na ajiye lambobin ƙarshe da ya karanto daga fayil ɗin waje a cikin naka, muddin zaɓin Save external link values na kunne, kuma a kunne yake zuwa. Shi ya sa in ka danna Don't Update za ka ga 9,500 yadda mai aikowa ya bar shi, ko da ba ka taɓa ganin Farashi.xlsx ba. A fayil ɗin imel wannan ne zaɓin da ya dace kusan kullum. In kuma ka riga ka danna Update, rufe fayil ɗin ba tare da ka adana ba, ko ka sake sauke na cikin imel ɗin, lambobin asali na nan.

Daga nan sai ka shiga Data, ka danna Edit Links, wanda a sababbin fitowa ya koma Workbook Links. Nan ne za ka ga sunan fayil ɗin da hanyarsa, wato bayanin da ya kamata a ce akwatin farko ya nuna. A Edit Links, Check Status zai gaya maka ko ya same shi, in bai samu ba ya rubuta Error: Source not found. In an aiko maka da fayil ɗin farashi na daidai, Change Source ne maganin: ka nuna masa sabon da hannunka, ka duba jimla ta yi daidai da ta takardar mai aikowa.

Sai dai yabon nawa bai yi nisa ba. Ajiyar lambobin ba ta ceton kowace fomula. VLOOKUP da INDEX na aiki ko fayil ɗin waje a rufe yake, amma SUMIF da COUNTIF da SUMIFS sai a buɗe suke son sa. Da zarar an sake lissafa su babu shi, sai su koma #VALUE!, INDIRECT kuma ya ba da #REF!, kuma duk jimlar da ke ƙarƙashinsu ta bi sahu. Mai karɓa ba abin da zai iya sai ya nemi fayil ɗin asali. Mai ginawa ne ya kamata ya yi amfani da SUMPRODUCT tun farko, ita ba ruwanta da a buɗe ko a rufe.

Shi ma Break Link yana da nasa halin. Yana mayar da duk fomular da ta taɓa fayil ɗin waje lamba tsagwaronta, har da sashen fomular da ke aiki da gurbin cikin gida. In fomula ɗaya ce ke ɗauko farashi ta kuma ninka shi da yawan buhu, bayan an tsinke, ko ka canza 400 zuwa 450 jimla ba za ta motsa ba. Kuma Ctrl+Z ba ya dawo da shi, saboda haka a yi kwafi tukuna. Abin haushin shi ne sau da yawa ka tsinke, ka adana, ka sake buɗewa, tambayar na nan tana jiranka. Haɗin ya maƙale ne a wurin da Break Link bai share ba. Fara da Ctrl+F, ka nemi .xl, ka sa Within a Workbook, Look in a Formulas, ka danna Find All. In bai fito ba, danna Ctrl+F3 ka duba Name Manager, galibi nan yake, suna ne da ya biyo wani shafi da aka kwafo daga wani fayil. Bayan nan sai Data Validation da Conditional Formatting da zanen jadawali. In shafi na kulle, sai an buɗe shi kafin a tsinke.

Akwai Startup Prompt a cikin Edit Links, inda mai fayil zai iya hana tambayar fitowa, haɗin kuma ya zauna ba sabuntawa. Ban so a dogara da shi ba, don ɓoye haɗin yake yi, bai cire shi ba.

Ku kuma masu aikowa, don Allah ku ji wannan. Waccan ajiyar da na yaba tana tafiya da lambobin yankin da fomular ta ambata, ba gurbin da aka nuna kaɗai ba. Duk wanda ya canza wutsiyar fayil ɗin zuwa .zip ya leƙa foldar xl/externalLinks zai same su. In kuɗin sari na cikin A2 zuwa D300, to kun miƙa wa mai saye ribarku da hannunku. Kafin aikawa a yi kwafin fayil ɗin, a zaɓi shafin duka, a danna Ctrl+C, a yi Paste Special da Values, sannan a tabbatar Edit Links ya dushe ba ya dannuwa. In karantawa kawai za a yi, PDF ya wadatar.

A ofis ɗaya, inda fayilolin ke zaune a folda guda kowa na ganin su, haɗin waje na da amfani sosai, ina kuma amfani da shi. A kan fayil ɗin da ya bi ta imel kuwa ban gamsu da akwatin nan ba, har sai ya riƙa nuna suna da hanyar fayil ɗin da zai ɗauko lambobi daga ciki kafin a danna Update.