Sharhi kan ɗakin atisayen Street Fighter 6: yadda na koyi Ryu da ma'aunin firam

Na daɗe ina buga Street Fighter 6 a wani gidan gem da ke wajen Terminus a nan Jos, amma sai da na ɗauki Ryu, jarumin da hannuna bai saba da shi ba, na zauna sosai a ɗakin atisayen wasan. Capcom ta fitar da wasan a watan Yunin 2023, ta kuma sanya masa wani ma'auni mai suna Frame Meter. A kansa zan yi magana, domin shi ya fi yi mini amfani, kuma a wurinsa na ga gazawar da ta fi damuna.

Wasan yana tafiya ne da firam 60 a kowace daƙiƙa, wato hotuna 60 da ke bin juna a allo, kuma da waɗannan firam ake auna kowane naushi da shuri. Idan ka kunna ma'aunin, wani layi zai bayyana a ƙasan allo mai ƙananan gidaje, kowane gida firam ɗaya. Kore shi ne lokacin da bugu yake shirin fita, ja lokacin da zai iya taɓa mutum, shuɗi kuma lokacin da jaruminka yake janye hannu ba ya iya kare kansa. Layin abokin karawa yana ƙarƙashin naka, ruwan ɗorawa yana nuna tsawon lokacin da ya sandare. Wanda layinsa ya riga ƙarewa shi zai riga motsi, kuma wannan bambancin ne ake rubutawa da + ko -.

Da maɓalli ɗaya na fara, wato matsakaicin naushin tsaye da ake rubutawa 5MP. Firam 6 yake ɗauka kafin ya fita. Idan ya shiga, Ryu yana da +7, idan aka tare yana da -1. Daga nan kombo, wato jerin bugun da ke shiga a jere ba tare da mutum ya samu damar tarewa ba, ya daina zama haddar da nake kwafa daga bidiyo. Tunda ina da rarar firam 7, duk bugun da yake fita cikin firam 7 ko ƙasa da haka zai haɗu. Naushin tsugune 2MP firam 6 ne, saboda haka yana haɗuwa, daga shi kuma a zarce da Hadoken, wato ƙwallon ƙarfin da Ryu yake harbawa daga tafin hannunsa. Shurin tsugune 2MK firam 8 ne, ya makara da firam ɗaya tak, ko hannunka ya kai na wa sauri ba zai shiga ba. Sai fa idan naushin farko ya sami mutum yana shirin kai nasa bugun, allo ya rubuta Counter. Wannan yana ƙara firam 2, rarar ta koma 9, shurin ya samu hanya. Wallahi ranar da na ga wannan da idona a kan layin na ji daɗi ƙwarai, don yanzu idan kombo ya yanke ina iya gane ko yatsuna ne suka makara ko kuwa dama can lissafin bai ba da shi ba.

Akwai sashen Combo Trials da ke koyar da jerin kombo daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Yana da kyau wajen sassauta yatsu, amma ban ba shi lokaci mai yawa ba. Ƙarfin bugu yana raguwa yayin da kombo ke tsawo, ga shi zarcewa da Drive Rush, wato rugawa gaba cikin sauri don a ci gaba da duka, daga cikin bugu tana cin sanda 3 daga cikin 6 na ma'aunin ƙarfi da ake kira Drive. Ka yi ta sau biyu ma'aunin ya ƙare, ka faɗa halin da ake kira Burnout, inda duk abin da ka tare zai riƙe ka da ƙarin firam 4. A wannan hali 5MP na abokin karawarka ya tashi daga -1 ya koma +3, sai ya yi ta dukan garkuwarka kai kuwa ba damar ramawa. Mai koyon sabon jarumi gajeren kombo biyu ko uku da ba ya faɗuwa a kansu sun ishe shi.

To, ga inda ma'aunin ya tsaya. Lokaci kawai yake aunawa, bai san nisa ba. 2MK na Ryu -6 ne idan aka tare, bugu mafi sauri a wasan kuwa firam 4 ne. A lissafi ke nan duk wanda ya tare zai hukunta ka. Amma gajeren naushin nan mai firam 4 ba ya zuwa ko'ina. Idan ka taɓa mutum da ƙarshen ƙafa, ya tare, ya miƙo naushi, iska zai daka. Ga yadda na gwada: na saita mutum-mutumin atisaye ya riƙa tare komai, sannan ya mayar da ƙaramin naushi da zarar ya samu sarari. Na matsa jikinsa na yi 2MK, ya rama, allo ya rubuta Punish Counter a kaina. Na ja baya kaɗan kaɗan ina maimaitawa, ina lura da layukan da ke zane a daɓen ɗakin, har na kai wurin da ƙafata take taɓa shi amma hannunsa ba ya iso ni. Lambar tana nan -6 ba ta sauya ba, sakamakon ne ya juye. A wannan tazarar, in ya kuskura ya miƙo bugu mai jinkirin janyewa ya ɓata, ni ne zan same shi cikin shuɗinsa, in samu Punish Counter, mai ba da ƙarin firam 4 da ƙarin kashi 20 cikin 100 na ɓarna.

Wasan ba ya zana maka iyakar inda bugu yake kaiwa a wannan ɗaki, kuma ina ganin wannan rashi ne na gaske. Da ido da maimaici za ka gano ta, kuma dole ka sake gwajin da kowane jarumi, domin tsawon ƙafar Chun-Li ba ɗaya ba ne da na Ryu, balle Dhalsim. Haka ma sharar ƙafa 2HK, wadda take -12. A kusa, 2MK ma ya isa ya hukunta ta. A nesa sai ka nemo abin da zai kai cikin firam 12 ɗin, watakila taka sharar mai firam 9.

Wani yaro da muke bugawa tare, wanda ya fi ni iya riƙe tazara nesa ba kusa ba, ya taɓa ce mini: "Yaya, kai allo kake karantawa, ni ƙafarka nake kallo." Bai san lamba ko ɗaya ba, amma ya san inda zai tsaya in yi ta shurin banza. Da na nuna masa cewa Drive Impact, babban bugun nan da ke shanye duka kafin ya sauka, firam 26 yake ɗauka, kuma mai buga ƙaramin naushi yana da lokacin mayar da nasa Drive Impact ɗin, sai ya rage jefa shi barkatai.

Abubuwa biyu zan ja hankalin wanda zai gwada. Capcom tana gyara lambobin jarumai lokaci zuwa lokaci, don haka ka gaskata abin da ma'aunin ya nuna maka yau fiye da tsohon jadawalin da ka gani a waya. Sannan talabijin da yawa na gidajen gem suna jinkirta hoto idan ba a kunna musu Game Mode ba. Firam ɗaya bai kai kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa ba, jinkiri kaɗan ya isa ya sa abin da kake tarewa a gida ya riƙa shigar ka a waje. Ka roƙi mai shago ya kunna kafin a fara.

Duk wanda zai ɗauki sabon jarumi, ina ba shi shawarar ya kunna Frame Meter tun ranar farko, ya zaɓi maɓalli uku kacal: mafi sauri, mafi tsawo, da wanda yake ba da rara idan ya shiga. Ya san lambobinsu, sannan ya sa mutum-mutumin ya riƙa ramawa har ya gano daga ina kowannensu yake da aminci.