Mukayyif ɗin da na saya da kwana talatin na bibiyar ƙorafi

Mukayyif ɗin, wato na'urar sanyaya ɗaki, watansa bakwai a bangon ɗakinmu a Shara Mansur, nan Makka, kafin ya fara hura iska mai ɗumi. Irin mai kai biyu ne, ɗaya ciki ɗaya waje, na tan ɗaya da rabi, na biya riyal 2,300 har da kuɗin ɗaurawa. Kafin ya lalace ba ni da abin cewa a kansa: ba ƙara, minti goma ya sanyaya ɗaki, kuɗin wuta bai ɗaga mini hankali ba. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Abin da ya kawo ni shi ne sashensu na gyara, da yadda na ɓata mako guda da hannuna kafin na gane kan bibiya.

Ranar Lahadi na kira su. Wata ta ɗauki bayanina, ta ce mai gyara zai neme ni cikin awa 48, sai ga saƙo da lambar ƙorafi. Litinin da safe na sake kira. Talata sau biyu. Duk wanda ya kwana a Makka tsakiyar bazara da yara uku da fanka ɗaya ba zai ga laifina ba. Sai dai kowane kira sabon mutum ne ke ɗauka, ni kuma in faro labari daga tushe, ko ambaton lambar da aka ba ni ba na yi. Zuwa Alhamis lamba uku ke cikin wayata, ga kuma saƙo wai an rufe ta farko saboda an maimaita ta.

Ƙanena ya taɓa aikin amsa waya a wani kamfani a Jidda. Ya duba saƙonnin, ya yi dariya. "Yaya, ai kai kake mayar da kanka ƙarshen layi. In ba ka faɗi lamba ba, ya fi masa sauƙi ya buɗe maka sabuwa, awa 48 ɗin ta faro daga farko." Sauri ya haifi nawa ke nan. Alamar a fili take: in ka kira don tuni sai sabuwar lamba ta shigo, ba tuni aka rubuta ba, sabon ƙorafi ne.

Daga nan na bar lissafi da zafin raina, na koma lissafi da bakinsu. Lokacin tuni na farko shi ne safiyar da ke bin cikar wa'adin da suka ɗiba wa kansu. Kafin nan ba ka da abin riƙewa, "muna cikin lokaci" kawai za a ce maka, kuma gaskiyarsu. A kula da kwanakin aiki kuwa. Tun 2013 hutun mako a ƙasar nan ya koma Juma'a da Asabar, har yanzu wasu dattawanmu na lissafi da Alhamis. Shago na iya buɗewa Asabar, amma wanda ke raba wa masu gyara aiki da wuya ka same shi. Alkawarin ranar Alhamis, a Litinin yake cika, tuninsa Talata da safe. Haka ta kasance da lambata ta uku, ita na riƙe.

Tuni na farko a rubuce na yi shi, ta WhatsApp ɗinsu, domin maganar waya iska ce. Layi huɗu ne da Larabci: lambar ƙorafi, ranar da aka buɗe ta, hoton fatura, wato rasit, hoton takardar da ke manne a gefen na'urar mai ɗauke da samfuri da lambarta. Tambaya ɗaya tal: wace rana mai gyara zai zo? Ban sa labarin zafi ba, ban sa na yara ba. "Me ake ciki?" amsarsa "ana kan aiki". Tambayar rana kuwa, ko a ba ka rana ko a yi shiru, shirun ma shaida ne a hannunka.

Shiru aka yi. Na bar kwana uku na aiki, Laraba, Alhamis, Lahadi. Wannan jiran ya fi komai wuya, maiɗakina tana ta cewa, "Malam, ko sake kiransu za ka yi?" Amma saƙon kullum, rana ta uku ya zama kukan kurciya a kunnen wanda ba ya jin jawabi, mako guda kuma ya isa a manta da kai.

A na biyu na fi ɗaukar lokaci, don shi ne ya yi aiki. Ban sake tura na farko ba, wanda ya ƙi amsa shi jiya ba abin da zai sa ya amsa yau. Na jera abin da ya faru da ranakunsa, layi uku. Na ƙara sabuwar shaida: bidiyo na daƙiƙa ashirin, fankar kan waje tana juyawa amma ba a jin tashin kwamfaresa, da hoton lambar kuskuren da ke fitowa a fuskar na ciki. Wannan yana nuna musu ba wankin tace ƙura ake nema ba, su turo wanda ya dace da kayan aikinsa. Na nemi a miƙa maganar ga shugaban sashe. Sannan a karon farko ni na sa wa'adi: ina jiran rana kafin Laraba ta ƙare. Talata da yamma aka kira, Laraba mai gyara ya zo.

Shi kam sai yabo. Ya hau rufi da tsakar rana, ya auna gas ya ce lafiya, ya buɗe kan waje ya nuna mini tabon ƙuna a allon lantarki. Babu shi a motarsa, sai an yi oda. Nan na yi wani abu da na ji daɗin yinsa: na sa ya rubuta sunan kayan a takardar ziyara, da ranar da ake sa ran isowarsa, mako guda, na ɗauki hoto. Bayan ziyara lissafi sabo ne. Kayan da ke hanya ba ya sauri don ka kira, saboda haka ban ce uffan ba sai da Larabar ta wuce.

Na uku ya fi duka gajarta, kuma shi kaɗai ke da gargaɗi. Kayan lantarki a Saudiyya garantinsu ba ya gaza shekara biyu, Ma'aikatar Kasuwanci kuma tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900 da manhajar Balagh Tijari, wato بلاغ تجاري. Na rubuta ranar Alhamis cewa in Litinin ta yi ba a gyara ba zan kai can da fatura da takardar ziyara da saƙonnina duka. Da a saƙon farko na faɗi haka da ya zama barazanar banza, ba ni da komai a hannu. Kuma ban shirya na huɗu ba. In ka faɗi rana ta wuce ba ka aikata ba, ka koya musu cewa maganarka ba ta da nauyi. Daren Lahadi na tara hotunan wuri ɗaya a waya.

Litinin ƙarfe goma sha ɗaya mai gyaran ya buga ƙofa da allon cikin kwali. Minti arba'in ya gama, ko halala ban biya ba.

Mukayyif ɗin zan iya sake sayen irinsa, yau wata biyu ba matsala. Mai gyaran na ba shi biyar cikin biyar. Sashen amsa waya biyu, don ba wanda ya taɓa tambayata ko ina da lamba, kuma ba su taɓa nema na ba sai na taɓo su. Faturar tana cikin leda tare da takardun iƙama, saura wata goma sha huɗu a garantin.